Ana Neman Yaron Shago: Yadda Ake Rubuta Cigiyar Ma'aikaci a Zauren WhatsApp

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan kasuwa, ya taɓa cin karo da saƙo irin wannan: “Salam. Ana neman yaron shago mai amana da gaggawa. Mai bukata ya yi min magana.” Layi biyu ke nan, babu sunan unguwa, babu irin kayan da ake sayarwa, babu lokacin buɗewa da rufewa, babu maganar kuɗi. Mai shagon da ya tura shi yana ganin ya huta, don bai ɓata ko minti ɗaya ba wajen rubutawa. Amma kafin la'asar wayarsa ta ɗau zafi. Wannan ya kira yana tambayar a ina shagon yake, wancan ya turo saƙon murya yana roƙon a taimaki ƙanensa, wata ta tambaya ko ana ɗaukar mata, wani kuma daga Zariya yake magana alhali shagon yana Kano. Mintin da ya ƙi kashewa wajen rubutu ya biya shi da wuni guda na amsa tambaya ɗaya sau talatin, ga masu sayayya tsaye a gaban kanta suna jira.

A da ba haka ake samun mai jiran shago ba. A Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ko Sabon Gari, uba ne ko kawu ke kama hannun yaro ya kai shi wurin wani Alhaji da ya sani, ya ce ga shi nan amana. Wanda ya kawo yaron shi ne shaidarsa, shi ne mai tsaya masa, kuma kowa ya san sharuɗɗan ba tare da an faɗa ba. Zauren WhatsApp ya cire wannan mutumin na tsakiya. Tun 2022 zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma mafi yawansu ba su san mai shagon ba, shi ma bai san su ba. Duk abin da kawun nan ke faɗa da baki a da, yanzu saƙon ne zai faɗe shi, in kuwa bai faɗa ba to babu mai faɗa.

Wurin da aka fi samun tuntuɓe shi ne kalmar “yaron shago” ita kanta, domin tana ɗauke da ma'ana biyu da suka yi hannun riga. A tsarin kasuwa na gargajiya, yaron Alhaji ba ɗan albashi ba ne. Ana ba shi kuɗin abinci da na mota kullum, a ɗinka masa kayan Salla, in rashin lafiya ta same shi a kula da shi, wani lokaci har aure ubangidan ke yi masa. Bayan shekaru, in ya ƙware kuma ya riƙe amana, sai a sallame shi da jari ko a ba shi kaya bashi ya buɗe nasa wurin. Shekaru ma ba su shiga lissafi ba, don magidanci mai 'ya'ya uku ana iya ce masa yaron wane. Ɗaya ma'anar kuwa ita ce ta ma'aikaci mai karɓar albashi a ƙarshen wata, wanda babu alkawarin sallama tsakaninsa da mai shago. Idan saƙo bai bambance ba, matashi zai zo da tsammanin jari, mai shago kuma yana lissafin albashi kawai, ko kuma akasin haka. Za a yi wata shida ana gaisawa lafiya lau, kowa da abin da ke ransa, sai ranar da maganar ta fito a rabu baram-baram. Jimla ɗaya ce ke hana wannan: “Aikin albashi ne na wata-wata,” ko kuma “Koyon kasuwa ne, da kuɗin abinci da na mota kullum, za a yi maganar sallama da iyayensa tun kafin ya fara.”

A ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi a unguwar Hotoro da ke Kano, mai sayar da shinkafa da taliya da man girki da sabulu da madara, da sari da ɗai-ɗai. Yana buɗewa da takwas na safe, ya rufe da tara na dare. Da safe yakan tafi Singa saro kaya, saboda haka yana son wanda zai bar wa shagon na awa uku ko huɗu shi kaɗai. Wannan bayani kaɗai ya riga ya nuna irin mutumin da yake nema: wanda ya iya karatu da rubutu daidai gwargwado don ya riƙe littafin bashi, wanda ya iya lissafin canji da ka, wanda ya san ba a sakin kaya don mai saye ya nuna hoton tiransifa a wayarsa sai an ga kuɗin sun shigo, kuma wanda ke da ƙarfin sauke katan-katan daga cikin adaidaita sahu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da kalmar “mai amana” ta faɗa. Kuma babu mai neman aikin da zai karanta “mai amana” ya ce a'a, ban cika wannan sharaɗin ba. Kalmar ba ta tace kowa, wurin da ta cinye a saƙon ya fi dacewa da abin da mutum zai iya auna kansa da shi.

Ga yadda saƙon nasa zai kasance in ya zauna ya yi shi da natsuwa:

“*Ana neman mai jiran shago a Hotoro, Kano*

Shagon kayan masarufi ne, sari da ɗai-ɗai. Aikin: sayar da kaya, rubuta ciniki da bashi a littafi, amfani da na'urar POS, sauke kaya da shirya su.

Lokaci: 8 na safe zuwa 9 na dare, da hutun salla da na cin abinci. Ranar Juma'a hutu ce.

Albashi: naira 45,000 a wata, da abincin rana. Aikin albashi ne. Watan farko na gwaji ne, kuma ana biyan sa cikakke.

Wanda ake so: ɗan shekara 18 zuwa sama, mazaunin Hotoro ko kusa da ita, wanda ya iya karatu da lissafi, kuma yana da babba da zai tsaya masa.

Mai so ya turo sunansa da shekarunsa da unguwarsu a rubuce zuwa lambar da ke ƙasa. Ban da kira. Ba a biyan kuɗin fom ko na wani abu.”

A ƙarƙashin wannan sai ya sa lambar wayarsa, da ranar da ya rubuta, da ranar da zai daina karɓar saƙo. Taurari biyun da suka kewaye layin farko su ne ke sa WhatsApp ya fito da shi da kauri, yadda mai gungura zaure da sauri zai gan shi. Duka saƙon bai wuce abin da fuskar waya za ta nuna a kallo ɗaya ko biyu ba. Wannan na da amfani, domin saƙon da ya yi tsawo manhajar na yanke shi ta sa “Read more” a ƙasa, kuma ba kowa ke dannawa ba. Shi ya sa doguwar gaisuwa da jerin addu'o'i ba su dace da saman cigiya ba. Sallama ɗaya ta wadatar, sannan aiki da unguwa su biyo nan take.

Layin albashi shi ne wanda masu shago suka fi gudu. Wasu na jin kunyar a ga abin da suke biya, musamman a zauren da maƙwabta da 'yan uwa ke ciki. Wasu kuma na ganin in sun yi shiru za su samu wanda zai karɓi ƙasa da haka. Sai su rubuta “albashi mai tsoka” ko “za a daidaita.” Amma matashin da ke karantawa yana da lissafinsa da ba zai iya yi ba sai da adadi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da ƙaramin ma'aikaci ke kashewa. A ce wani daga Rijiyar Zaki ya ga cigiyar Hotoro, wato ƙarshen gari zuwa ƙarshen gari, kuma a ce zuwa da komowa na cin masa naira 1,200 a rana. A kwana 26 na aiki ya kashe naira 31,200 a hanya. Daga cikin 45,000 abin da ya rage masa 13,800 ne. Irin wannan ma'aikaci zai karɓi aikin don yana cikin matsi, ya yi sati uku, ya fara makara, sannan wata rana a wayi gari wayarsa a kashe. Mafi muni kuma, mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata an bar shi shi kaɗai da aljihun tebur cike da kuɗi. Da saƙon ya faɗi unguwa ya faɗi adadi, da ya yi lissafin a gida bai taso ba, kuma da yaron da ke bayan layin shagon, wanda zai tako da ƙafa, shi ya samu.

Mai shago na iya tambaya ko doka ta ɗaure shi da wani adadi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a Nijeriya ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka shagon unguwa mai ma'aikaci ɗaya ko biyu ba ya cikinta. Sai dai masu neman aiki sun san adadin, da shi suke auna duk abin da aka yi musu tayi. Wanda zai biya ƙasa da haka a aikin da ke kaiwa awa 13 a rana, gara ya faɗa a fili ya kuma lissafo abin da ke biye, kamar abincin rana ko kuɗin mota ko wani kaso na ciniki, don mutum ya shigo idonsa a buɗe. A fiƙihun Malikiyya da aka tashi da shi a ƙasar Hausa ma, sanin lada da sanin aiki ko tsawon lokacinsa suna cikin sharuɗɗan ingancin ijara. Ɗaukar mutum a kan “za mu ga abin da Allah ya hore” na iya zama kamar kara, amma a ƙarshe ma'aikacin ne ke kwana a ciki, tunda shi ne ba shi da bakin magana a ƙarshen wata.

Maganar watan gwaji ma haka take. Akwai masu ɗaukar yaro “gwaji” na sati biyu ko wata ba tare da sisi ba, su sallame shi su ɗauko wani. Matasa sun gane wannan, kuma da yawa na kauce wa duk cigiyar da ta ambaci gwaji ba ta ce ana biya ba. Mai shagon da ke da niyyar biya, rubuta hakan riba ce gare shi.

Layin da ya ce a turo suna da shekaru da unguwa a rubuce, ban da kira, yana aiki biyu. Na farko ya kare wa mai shago wuninsa, ya karanta saƙonnin da dare bayan ya rufe. Na biyu kuma jarrabawa ce da ba a kira ta da sunanta ba. Wanda ya kira duk da an ce kada a kira, ya nuna ko dai bai karanta har ƙarshe ba ko bai damu da umarni ba. Wanda ya turo murya maimakon rubutu, wataƙila rubutun ne ke ba shi wuya, kuma littafin bashi ba ya karɓar murya. Wanda ya turo abu ukun daidai a layi uku, to shi ne za a fara kira. Wannan ba ya nufin saƙon murya ba shi da wuri. Idan aikin na ɗaukar kaya ne da shara da aike, inda ba a bukatar boko, mai shago zai kyauta in ya bi rubutun da gajeren saƙon murya mai maimaita abin da aka rubuta, don ya isa ga iyaye da matasan da ba sa karatu. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi muryar kaɗai, domin ba a iya binciko ta daga baya, ba a iya kwafe lamba daga cikinta, kuma in gardama ta taso babu wanda ke da haƙurin komawa ya saurari minti huɗu.

Haka zancen hoto yake. Ana yawan ganin cigiya da aka tsara a hoto mai launi, da tambari da furanni. Tana da kyan gani, amma mutane da yawa sun kashe sauke hoto kai tsaye don tattalin data, sai su ga dishi-dishi su wuce. Lambar da ke cikin rubutu ana taɓa ta da yatsa ta buɗe, wadda ke cikin hoto kuwa sai an kwafe ta. In har ana son hoto, a sa na gaban shagon, rubutun kuma ya zauna a ƙarƙashinsa a matsayin rubutu.

Akwai wata ɗabi'a ta manhajar da masu rubuta cigiya ke mantawa da ita, kuma ita ce ta kashe saƙon farko da aka kawo a sama. Idan wani ya tura saƙo daga wannan zaure zuwa wancan, sunan wanda ya rubuta shi tun asali da ranar da ya rubuta ba sa bin sa. Abin da ke fitowa a kansa shi ne alamar “Forwarded” kawai, in kuma ya bi hannu da yawa ta koma “Forwarded many times”. Saboda haka “mai bukata ya yi min magana” na da ma'ana ne a zauren farko kaɗai. Da zarar wata baiwar Allah ta tura shi zauren danginsu don taimako, ita za a dinga yi wa magana, ita kuma ba ta san komai a kai ba. Lamba da kwanan wata dole su zauna a cikin jikin saƙon. In babu kwanan wata, cigiyar na iya yawo wata biyar bayan an ɗauki ma'aikaci, ana ta kiran mai shago, wasu ma su kashe kuɗin mota su zo. Gyara ma yana da iyaka. WhatsApp na ba da minti 15 ne a gyara saƙon da aka tura, kuma gyaran ba ya bin kwafin da wasu suka riga suka watsa. Wanda ya rubuta 54,000 a maimakon 45,000 ya gano bayan awa ɗaya, to kuskuren ya riga ya shiga gari. Karanta saƙo sau biyu kafin a danna, musamman lambobi, ya fi sauƙi.

Wannan yawon da saƙo ke yi shi ne kuma dalilin da ya sa bai kamata a zuba komai a ciki ba. Sunan unguwa da wata alama da aka sani ya isa. Cikakken kwatancen shago, da bayanin cewa mai shi ba ya nan da safe, da yawan cinikin da ake yi a rana, bayanai ne da ɓarawo zai fi kowa murna da su. Ana ba da kwatance ne ga mutum uku ko huɗun da aka zaɓa a gani ido da ido. Haka nan ba a neman hoton katin ɗan ƙasa ko lambar banki a matakin farko, balle a ce a turo su cikin zaure. Wannan salon 'yan damfara ne, su da ke tallan aikin da babu shi su karɓi kuɗin fom ko bayanan mutane. Shi ya sa jimlar “ba a biyan kuɗin fom” ta cancanci wurinta, ko da mai shagon bai taɓa tunanin karɓa ba. Mai karatu bai san shi ba, da kalmomin kawai yake bambance shi da macuci.

Idan mace ake nema, kamar a shagon atamfa da leshi ko na kayan kwalliya ko na kayan yara, akwai masu karatu na biyu da za a rubuta dominsu, wato iyaye ko miji. Tambayoyinsu sanannu ne: shagon na mace ne ko na namiji, su wa ke wuni a ciki, ƙarfe nawa ake tashi. Cigiyar da ta ce “mai shagon mace ce, ana tashi kafin magariba, iyaye na iya zuwa su ga wurin” ta amsa su tun kafin a yi. Wadda kuwa ta ce ana neman “kyakkyawar budurwa, a turo hoto” ta kori duk gidan mutunci, kuma ta jawo wa mai shagon zargin da wataƙila bai cancanta ba. In tsafta da iya tarbar baƙi ake nufi, sai a rubuta tsafta da iya tarbar baƙi.

Mai tsaya wa yaro kuma, a saƙo ambatonsa kawai ake yi, sauran magana sai an haɗu. A nan ne mai shago zai zauna da mahaifin ko kawun ko mai unguwar da ya zo, a faɗi abin da tsayawar ke nufi: shaida ce ta hali kawai, ko kuwa lamuni ne na biyan abin da ya salwanta. Mutane da yawa na amsa “na tsaya masa” suna nufin na farko, mai shago kuma ya ji na biyu. A wannan zaman ne ya dace a buɗe saƙon da aka tura a zaure a karanta shi layi-layi a gaban kowa, a ƙara abin da bai faɗa ba, kamar ranar biyan albashi da yadda za a yi in lissafi bai cika ba da kwana nawa za a ba juna sanarwa kafin rabuwa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta bukaci a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, kuma mai shagon da ya rubuta cigiyarsa da kyau ya riga ya yi rabin wannan aikin. Sai ya kwafe ta a takarda, a cike sauran, kowa ya sa hannu.

Kafin a tura cigiya a zauren da ba na kasuwanci ba, kamar na masallaci ko na makarantar yara, ana neman izinin shugaban zauren, don wasu sun hana talla kuma za su goge ta. Ana tura ta sau ɗaya, a lokacin da mutane ke duba waya, kamar bayan isha'i, ba a maimaita ta kowace safiya. Ranar da mai shagon Hotoro ya ɗauki wanda ya zaɓa, sai ya koma kowane zaure da ya sa saƙon, ya amsa a kan saƙon na asali don a ga wanda yake nufi, ya rubuta: “An samu ma'aikaci, an rufe wannan cigiya. Na gode, don Allah a daina turawa.” Sannan ya tura layi ɗaya ga waɗanda suka zo aka gan su ba a ɗauke su ba, ya kuma ajiye lambar mutum biyun da suka fi kusa, ko da na farkon bai kai ƙarshen watan gwaji ba.